Yadda Ake Sa wa Katin Menu na Gidan Burodi Rai Idan Mai Shi Ta Turo Maka Gyara

Irin wannan saƙon yakan zo a gajarce, kuma sabon mai gyaran rubutu yakan ɗauka aikin rabin awa ne. Ga misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe:

"Barka da aiki, Malam. Ina da ƙaramin gidan burodi, kuma zan sake buga katin da muke ajiyewa a kan kanta. Na haɗo maka rubutun. Duk abin da ke ciki daidai ne, amma ya bushe, in na karanta sai in ji kamar takardar lissafin kaya. Don Allah ka ɗan sa masa rai, mai saye ya ji ana maraba da shi. Ranar Litinin zan kai wa mai bugawa."

A ƙasan saƙon akwai kaya goma. Huɗu daga ciki su ne waɗannan, tare da bayanin da ke gindin katin:

Burodin tsami. Fulawar alkama, ruwa, gishiri.
Naɗin kirfa. Fulawa, bota, sukari, kirfa, madara, ƙwai.
Kek ɗin lemun tsami. Ana sayarwa yanka-yanka.
Biskit ɗin cakulan. Akwai gyaɗa.
Ba a karɓar oda bayan ƙarfe 4:00. Ba a mayar da kaya. Mai alaji ya sanar da ma'aikata.

Wannan ran da take so a sa wa katin yana bakinta ne da ɗakin gashinta. Aikinka shi ne ka ciro shi daga can, ka shigar da shi cikin ɗan filin da katin yake da shi, kuma kada ka taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da suke gaskiyar kayanta.

Abin da za ka tanada

Rubutun katin a fayil ɗin da ake iya gyarawa. Idan hoto ta turo, ka buga shi da hannunka harafi-harafi, ka mayar mata ta tabbatar kafin ka fara.

Hoton tsohon katin ko girmansa. Wannan wajibi ne, domin fili shi ne zai yanke maka yawan maganar da za ka yi.

Manhajar da take nuna gyara. A Word ana kunna Track Changes daga Review, ko da Ctrl+Shift+E. A Google Docs ana komawa Suggesting. Idan ba ka da ko ɗaya, ko ita ba ta iya amfani da su ba, ka yi tebur mai gida uku: tsohon layi, sabon layi, da tambaya.

Minti goma sha biyar na lokacinta, a waya ko ta saƙon murya. In da hali, ka ɗanɗana kayan. In babu hali, hotunansu a yanke, yadda za ka ga cikinsu, za su taimaka.

Mataki na 1: Ka amsa imel ɗin kafin ka taɓa rubutun

Ka karanta saƙonta sau biyu. Karatun farko don ka san abin da ta nema, na biyu don ka ji yadda take magana. Wannan matar gajerun jimloli take yi, tana cewa "muke", ba ta yabon kanta ko kaɗan. Idan ka mayar mata da kati mai cike da kirari, ba za ta gane kanta a ciki ba.

Amsarka ta farko ta ƙunshi abubuwan da aiki ba ya tafiya sai da su: girman katin, ko gaba kawai ake bugawa ko har da baya, su wane ne suka fi zuwa saye, da ko tana son a taɓa sunayen kayan. Ka faɗi kuɗin aikinka, ka faɗi zagaye nawa na gyara ya ƙunsa. Zagaye biyu sun isa kati ɗaya. Tunda Litinin za ta kai wa mai bugawa, ka yi mata alkawarin Alhamis, saboda a samu kwanakin tambaya da amsa.

Mataki na 2: Ka killace abin da ba a taɓawa

Kafin ka fara tunanin kalma mai daɗi, ka bi katin ka sa launi a kan farashi, nauyi ko adadi, lokutan buɗewa da na oda, kayan haɗi, da duk abin da ya shafi alaji, wato abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa. Waɗannan nata ne. Kana iya sauya musu wuri, kana iya sauya jimlar da ta ɗauko su, amma ba ka rage su, ba ka ƙara musu.

A nan ne sabon mai gyara ya fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Yana ganin "Fulawa, bota, sukari, kirfa, madara, ƙwai" sai ya ce ai wannan jerin ne ya busar da layin, ya goge shi, ya rubuta jimla mai ƙamshi a wurin. Jimlar ta yi kyau, amma madara da ƙwai sun ɓace daga katin, kuma uwar da ɗanta ba ya cin ƙwai da wannan jerin take aiki. Haka "Akwai gyaɗa" da ke gaban biskit ɗin. Kalmomi biyu ne marasa armashi, amma duk katin babu waɗanda suka fi su nauyi, domin alajin gyaɗa yana iya kai mutum asibiti cikin mintuna.

Ƙasashe da yawa suna da doka a kan wannan. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta lissafa abubuwa 14 da dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci. A Amurka manyan abubuwan tara ne, tun da aka ƙara riɗi a farkon 2023. Alkama, madara, ƙwai, gyaɗa, waken suya da riɗi suna cikin jerin biyu, kuma kusan dukkansu kayan gidan burodi ne na kullum. Ba kai ne lauyanta ba. Abin da ke kanka shi ne kada wani abu ya ɓace a hannunka, sannan ka tuna mata ta duba dokar inda take kasuwanci.

Mataki na 3: Ka auna filin

Katinta A5 ne, wato faɗi milimita 148, tsawo 210, kuma gaba kawai ake bugawa. Idan aka bar gefe na milimita 15 ta kowace fuska, aka yi rubutu da girman harafi 11, za a samu layuka kamar 36, kowane layi yana ɗaukar harafi kusan 60 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ka cire sunan shago da gaisuwa a sama, ka cire bayanin gindi, ka cire sunayen kaya goma da ɗan filin da ke raba su. Abin da zai rage wa bayani layuka 14 ne ko kusa da haka.

Ma'anar wannan lissafin ita ce kaya huɗu za su samu layi bibbiyu, shida kuma layi ɗai-ɗai. Ka tambaye ta waɗanne ne take alfahari da su, ko waɗanne ne mutane suka fi tambaya a kansu, su ne za su ci layi biyu. Sauran su yi haƙuri da jimla ɗaya. Wannan rashin daidaiton ma alheri ne, domin katin da kowane kaya a cikinsa yake da dogon bayani yana gajiyar da wanda ke tsaye a layi ana jiransa.

Don ƙirga haruffa, ka zaɓi layin ka buɗe Word Count, da Ctrl+Shift+G a Word ko Ctrl+Shift+C a Google Docs, ka duba adadin da ya haɗa da tazara. Idan ba ta san girman katin ba, ka ce ta ɗauki hotonsa da abin awo a gefe, kai kuma ka ƙirga haruffan layi mafi tsawo.

Kada ka yarda a ƙanƙantar da harafi don rubutunka ya shiga. Ana karanta katin nan a tsaye, daga ɗan nesa, wani lokaci ba tare da tabarau ba.

Mataki na 4: Ka sa ta magana

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa. Idan ka zauna kai kaɗai ka ce za ka ƙirƙiro wa burodin da ba ka taɓa gani ba rai, abin da zai fito shi ne "mai daɗi", "na musamman", "mai inganci", "ba a ba wa yaro mai ƙiwa". Kowane gidan burodi a duniya zai iya sa waɗannan a katinsa, shi ya sa ba sa gaya wa mai saye komai.

Ka kira ta, ko ka tura mata tambayoyin ta amsa da murya. Na fi son murya a kan rubutu, domin mutane da yawa da zarar sun zauna rubutu sai harshensu ya sandare, su koma irin maganar da ta busar da katin tun farko. Kuma kada ka tambaye ta "me ya bambanta burodinki?", don za ta ba ka amsar talla. Ka yi mata tambayar aiki. Yaushe kike kwaɓa wannan? Wane mataki ne ya fi ba ki wahala? Idan sabon mutum ya nuna shi ya ce mene ne wannan, me kike ce masa? Wanne ne yake fara ƙarewa? Da me masu saye suke cewa sun ci shi?

Ga abin da ta ce:

"Burodin tsamin nan ai kwana yake yi. Da yamma nake kwaɓawa, ya kwana a firiji yana tashi a hankali, da asuba in gasa. Ba na sa masa yis na leda, tsamin da nake reno ne yake tashinsa."

"Naɗin kirfa ƙarfe bakwai yake fitowa. Kafin goma ya ƙare, kullum sai na ba wani haƙuri."

"Kek ɗin, ɓawon lemon nake gogawa a cikin kwaɓin. Ruwan kuma in dafa shi da sukari, in zuba a kai tun yana da zafi, ya tsotse."

"Biskit ɗin gefensa garas-garas, tsakiyarsa da laushi. Yara suka fi saye."

Ka rubuta maganarta yadda ta faɗa, kada ka gyara tukuna. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin abin da ido zai iya gani, ko hanci ya ji, ko agogo ya nuna: kwana a firiji, gashin asuba, zuba ruwan lemo a kan kek mai zafi, gefe garas-garas. Da waɗannan za ka yi gini.

Idan ba ta da lokacin waya, akwai wasu hanyoyin. Ka roƙi wanda yake tsayawa a kanta ya amsa maka, domin shi ne yake bayyana kayan nan ga mutane kullum. Ko ka karanta yadda take amsa wa masu oda a saƙo. Idan duk babu, ka tsaya a kan abin da ke cikin katin, ka gyara jimlolin kawai, ka gaya mata a fili cewa iyakar abin da za ka iya ke nan ba tare da bayaninta ba.

Mataki na 5: Ka tsayar da mai magana da wanda ake yi wa

Tsohon katin babu mutum a cikinsa. "Ana sayarwa", "ba a karɓa", "ba a mayarwa". Ba a san wa yake sayarwa ba, ba a san wa yake ƙin karɓa ba. Rabin bushewar daga nan take, kuma gyaranta ba ya cin fili.

Ka zaɓi "ni" ko "mu", ka tsaya a kansa har ƙarshen kati. Idan ita kaɗai take gashi kuma masu saye sun san fuskarta, "ni" yana yin kyau. Idan akwai ma'aikata, "mu" ya fi dacewa, don kada wanda ke miƙa burodin ya zama baƙo a katin shagonsa. Ita da kanta "muke" ta rubuta a imel ɗinta, saboda haka "mu" za mu ɗauka.

Mai karatu kuma "ku" ne. Idan ka ce "ka zo" ka bar mata a waje, idan ka ce "ki zo" ka bar maza, "ka/ki" kuwa yana ɓata layi. "Ku" ya haɗa kowa, ga shi da ladabi.

Mataki na 6: Ka gwada da kaya ɗaya tukuna

Kada ka gama goman sannan ka gano ba haka take so ba. Ka ɗauki ɗaya, ka rubuta shi iri biyu, ka tura mata.

Na ɗaya: Da yamma muke kwaɓa shi, ya kwana yana tashi a hankali, mu gasa da asuba. Alkama, ruwa da gishiri kawai.

Na biyu: Ya kwana yana jiranku! Ku matsa ɓawon ku ji ƙara, ku yanka ku sha ƙamshi.

Na biyun ya fi wasa, kuma akwai shagon da zai dace da shi. Amma ya zubar da kayan haɗin, ya kuma gayyaci mutane su riƙa matsa burodin da ke kan kanta, abin da babu mai gidan burodin da take so. Ta zaɓi na ɗaya, ta ce "wannan ni ce". Daga nan ka san ma'aunin da za ka bi da sauran tara.

Mataki na 7: Ka rubuta layukan

Ƙa'idar da nake bi ita ce kowane kaya ya samu abu ɗaya na gaskiya wanda ba a gani a sunansa, a faɗe shi da aikatau, a jimlar da za ta iya fitowa daga bakinta a kan kanta. Abu ɗaya ya isa. Idan ka jera uku, babu wanda zai tsaya a ran mai karatu.

Burodin tsami ya riga ya samu nasa, kuma bai kai harafi 120 ba, saboda haka ya shiga layi biyu. Kalmar "kawai" da ke ƙarshe ikirari ce, don haka ka tambaya. Tsamin da take reno fulawa ne da ruwa, to ya shiga lissafin. Amma tana barbaɗa riɗi a kai? Tana shafa wa gwangwanin mai? Ta ce a'a. Sai "kawai" ta zauna.

Naɗin kirfa ya fi wuya. Abin da ya fi jan hankali a maganarta shi ne lokacin, kuma hannu zai so ya rubuta "Yana fitowa daga obin ƙarfe 7:00." Amma duk abin da aka buga a kati alkawari ne. Da aka sake tambayarta, sai ta ce ranar Asabar sai takwas yake fitowa, ranar da ma'aikaci bai zo ba kuma yakan makara. Mutumin da ya zo bakwai da kwata bai samu ba, katin ne ya yi masa ƙarya. Sai layin ya zama:

Da sassafe yake fitowa daga obin, bota, sukari da kirfa sun narke a cikinsa. Yakan ƙare da wuri, ku yi sammako.

To ina madara da ƙwai? Sun koma gefen sunan, da ƙananan alamomi: A na alkama, M na madara, Ƙ na ƙwai, G na gyaɗa, da fassararsu a gindin kati. Wannan shawara ce da za ka ba ta, ita za ta cika alamomin kowane kaya daga littafin haɗinta. Kada kai ka cika su daga abin da ka sani game da kek gaba ɗaya, don ba ka san me take sawa a nata ba.

Kek ɗin lemun tsami:

Muna goga ɓawon lemon a kwaɓi, mu zuba ruwansa a kai tun kek ɗin yana da zafi. Yanka-yanka ake saye.

Ka lura "yanka-yanka" bai ɓace ba, ya koma ƙarshe ne kawai.

Biskit ɗin cakulan layi ɗaya yake da shi:

Gefe garas-garas, tsakiya da laushi. Akwai gyaɗa a ciki.

Na bar gyaɗar a rubuce duk da akwai alamar G, saboda ta ce yara suka fi saye, kuma gyaɗar da ke cikin biskit mai duhu ba a ganinta da ido. A wannan layin ne kuma za ka ji sha'awar ƙara "da bota zalla", tunda ka ga bota a naɗin kirfa. Da aka tambaya, ashe a biskit tana gauraya bota da majarin. Da an rubuta, da an buga ƙarya a ɗaruruwan katuna da sunanta.

Akwai kalmomin da suke shigowa da sunan sa rai alhali ikirari ne: "na yau", "na gargajiya", "babu sinadari", "haɗin kakarmu", "mai sauƙin narkewa", "ya dace da masu ciwon suga". Na farko har na huɗu ka tambaya, in ba ta tabbatar ba ka cire. Na lafiya kuwa kada ka rubuta su ko da ita ta nema, ka ce ta nemi shawarar wanda ya san dokar. Mafi haɗari shi ne "babu gulutin", wato wani sinadari da ke cikin alkama wanda jikin wasu mutane ba ya karɓa. Wasu suna zaton dogon kwanan da burodin tsami yake yi yana kawar da gulutin. Yana rage wani abu, amma burodin alkama ne har yanzu, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi kafin a kira abinci marar gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Burodin tsami na alkama da aka yi ta hanyar da aka saba ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Idan ka gama goman, ka karanta farkon kowane layi a jere. Idan huɗu sun fara da "Muna", ka juya biyu. Idan "laushi" ko "ƙamshi" ya fito sau uku, ka bar shi inda ya fi cancanta, ka cire sauran. Alamar motsin rai ɗaya ta isa duk katin, in ma ana bukatarta.

Mataki na 8: Gindin kati

A nan tsohon katin ya fi ɗaure fuska, da "ba a" har sau biyu. Dabarar ita ce ka faɗi abin da ake yi, dokar kuma ta tsaya yadda take.

"Ba a karɓar oda bayan ƙarfe 4:00" ya koma "Ku ba mu odarku kafin ƙarfe 4:00." Kada ka ƙara "mu shirya muku gobe" sai ta tabbatar haka tsarin yake.

"Mai alaji ya sanar da ma'aikata" ya koma "Idan akwai abin da jikinku ba ya karɓa, ku gaya mana kafin ku zaɓa. A ɗaki ɗaya muke aiki da alkama, madara, ƙwai da gyaɗa." Jimla ta biyu daga bakinta ta fito, da aka tambaye ta ko tana raba tire da injin kwaɓi. Ba ta raba su, don haka ko kayan da ba shi da alamar G yana iya taɓa gyaɗa, kuma dole mai saye ya sani.

"Ba a mayar da kaya" shi ne wanda ake yawan lalatawa. Mai gyara yakan tausasa shi har ya rubuta "idan ba ku gamsu ba ku yi mana magana", kuma mai saye zai karanta wannan a matsayin alkawarin mayar da kuɗi. Ka bar dokar a fili, ka ba ta dalili: "Abinci ne, shi ya sa ba ma karɓarsa idan ya fita. Ku duba kafin mu naɗe muku."

Mataki na 9: Ka karanta a bayyane, sannan ka mayar mata

Ka tashi tsaye ka karanta katin da ƙarfi, kamar kana gaya wa wanda ke gabanka. Duk inda ka ji nauyin faɗin jimla a gaban mutum, to ta yi kwalliya da yawa. Daga nan ka ɗora sabon a gefen tsohon, ka bi duk abin da ka sa wa launi a mataki na 2, ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar yana nan.

Ka tura fayil biyu, ɗaya mai nuna gyara, ɗaya tsaftatacce. Saƙon ya zama gajere, tambayoyin kuma a sa musu lamba don ta amsa daga waya tsakanin gashi da gashi:

"Barka da yamma, Hajiya. Ga katin. Kusan duk abin da na ƙara daga maganarki na ɗauko shi. Ban taɓa farashi ko sunan kaya ba. Abubuwa uku suna jiran amsarki. 1. Na cire ƙarfe 7:00 daga naɗin kirfa na sa 'da sassafe', saboda abin da kika ce game da Asabar. 2. Na ba da shawarar alamomin A, M, Ƙ da G, ke za ki cika na kowane kaya daga littafin haɗinki, ki kuma ƙara wata alamar idan akwai riɗi ko waken suya a wani. 3. Ki karanta jimlar da ke cewa a ɗaki ɗaya kuke aiki, ki tabbatar haka ne. Duk layin da kika ji ba bakinki ba ne, ki nuna min shi."

Idan ta dawo ta ce har yanzu tana son ƙarin rai, kada ka zuba sifofi. Ka tambaye ta wane layi ne ya fi kusa da abin da take so, ka kuma ciro wani sabon abu daga bakinta game da waɗanda suka rage. Sau da yawa abin da ya ɓace gaisuwa ce a saman kati, jimla ɗaya irin wadda take yi wa wanda ya shigo. Idan kuma ta mayar da wani layinka yadda yake a da, katinta ne, ka bar mata, sai dai in abin ya shafi alaji ko ikirarin lafiya. A nan ka rubuta mata dalilinka a fili, ka ajiye kwafin saƙon.

Mataki na 10: Ka ga gwajin bugu

Ka roƙi ta turo maka PDF ɗin da mai tsara katin ya shirya kafin a buga. Wasu masu tsarawa sukan sake buga rubutu da hannu, ko su datse jimla don ta shiga, kuma abin da suka fi datsewa shi ne ƙarshen layi, inda "Akwai gyaɗa a ciki" yake zaune.

Ka buga shi a takarda a ainihin girmansa, wato ka zaɓi Actual size a wurin bugawa, ka ajiye shi a kan tebur, ka karanta a tsaye. Ka duba ko kowane farashi yana gaban kayansa, ko alamomin alaji sun yi ƙanƙanta ko sun dushe a kan launin katin. Ka duba haruffa masu ƙugiya da kyau, domin nau'o'in rubutu na ado da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Wani lokaci sukan fito a matsayin ɗan akwati, wani lokaci manhajar takan aro su daga wani nau'in su fito dabam da 'yan uwansu. A wannan katin alamar Ƙ ta ƙwai tana cikin abin da zai iya lalacewa, don haka idan nau'in rubutun ba shi da ita, a sauya nau'in gaba ɗaya kafin a kai wa mai bugawa.